Abin da ke tsare saƙon imel a akwatin fita idan rezo ya yi rauni

"Maigida, jiya wani ɗan kasuwa daga wajen Dan Isa ya kawo mini wayarsa, ya ce tun shekaranjiya ya tura imel da hotunan takardun kayansa, amma har yanzu saƙon yana zaune a Boîte d'envoi, alhali saƙonnin WhatsApp suna shiga suna fita. Na kashe wayar na kunna, bai tafi ba. In goge bayanan manhajar ne gaba ɗaya?"

Kada ka goge, yarona, domin saƙon da ke cikin akwatin fita yawanci a cikin wayar kawai yake, babu kwafinsa a wani wuri, kuma idan ka danna Effacer les données zai ɓace tare da rubutun da mutumin ya ɓata lokaci yana yi. Wannan shi ne mataki na ƙarshe, kuma a irin wannan matsalar da wuya a kai gare shi.

Lokacin da mutum ya danna alamar turawa, manhajar imel ba ta miƙa saƙon ga wanda aka aika wa kai tsaye. Tana fara ajiye shi a akwatin fita, sannan ta nemi hanya zuwa babbar na'urar kamfanin imel, wato saba, ta gabatar da sunan mai akwatin da shaidarsa, ta loda saƙon tun daga farkonsa har ƙarshensa, sannan ta jira sabar ta amsa cewa ta karɓa. Sai wannan amsar ta iso ne saƙon yake barin akwatin fita ya koma Messages envoyés. Abin da ya kamata ka riƙe sosai shi ne, a tsarin SMTP da yawancin manhajojin imel suke bi, sabar ba ta karɓar rabin saƙo ta ajiye ta jira sauran. Idan hanya ta yanke bayan an loda kashi 90 cikin 100, abin da aka loda ya zube, kuma ƙoƙari na gaba daga farko zai soma. Shi ya sa za ka ga megar mutum tana ƙarewa, batir yana zafi, saƙo kuwa bai motsa ba.

Bari mu yi lissafi da wayar mutuminka. Na ɗauka hotuna 3 ya liƙa, yadda suka fito daga kamara, kowanne wajen mega 4, ka ga an samu mega 12. Amma imel ba ya ɗaukar hoto yadda yake, sai an mayar da shi haruffa, kuma wannan juyin yana ƙara masa kusan kashi ɗaya bisa uku, saboda haka abin da zai bi iska ya kai mega 16. A wurin da harafin E ne yake bayyana a saman gilashi, in ka samu wayar tana lodawa da gudun kilobit 64 a daƙiƙa to ba ka yi rashin sa'a ba. Mega 16 daidai take da kilobit 128,000. Ka raba da 64, ka samu daƙiƙa 2,000, wato minti 33 da ɗoriya. Ana bukatar fiye da rabin awa ke nan ba tare da hanya ta yanke ko sau ɗaya ba, ga mutum yana yawo da wayar a aljihu, ko yana kan babur tsakanin Dan Isa da Maradi, wayar tana sakin wannan eriya tana kama waccan, wani kira yana shigowa ya katse lodin, domin a kan E kira da intanet ba kasafai suke tafiya tare ba. Saƙon WhatsApp na rubutu kuwa bai kai ko kilo ƴan kaɗan ba, daƙiƙa biyu na rezo sun ishe shi, kuma hoton da aka tura ta can manhajar ce take matse shi kafin ya tafi. Don haka tafiyar waɗancan saƙonnin ba hujja ba ce cewa hanya za ta iya ɗaukar wannan.

Zai ce maka ai sandunan rezonsa uku ne ko huɗu. Sandunan suna nuna ƙarfin abin da wayar take ji daga eriya ne, ba sa nuna yadda eriya take jin wayar. Eriya tana watsawa da wat gommai daga saman dogon ƙarfe, waya kuwa a kan 4G ba ta wuce kusan kashi ɗaya bisa biyar na wat guda. Kamar lasifikar masallacin Juma'a ne: kana jin ladan daga ƙarshen unguwa, amma da za ka amsa masa daga ƙofar gidanku ba zai ji ka ba. Tura imel aiki ne na lodawa, wato ɓangaren da ya fi rauni, kuma ranar kasuwa, da jama'a suka taru a kan eriya ɗaya, sandunan suna nan cike amma rabon kowa ya ragu.

Akwai kuma abin da wayar kanta take yi. Da zarar gilashi ya mutu, Android tana rage wa manhajoji damar aiki a ɓoye don ta tanadi batir, kuma idan an kunna Économiseur de données ko an hana manhajar imel Données en arrière-plan, lodin yakan tsaya da zarar mutum ya fita daga manhajar. Mutanenmu da yawa suna kunna waɗannan don forfe ya daɗe, ba su da laifi, amma ba su san imel yana cikin abin da suka ɗaure ba. Bayan ƙoƙari ya faɗi sau da yawa, manhajar takan ƙara tsawon jiran da take yi kafin ta sake gwadawa, shi ya sa ko mutum ya shigo gari ya samu rezo mai kyau saƙon yakan ci gaba da zama, kuma a wasu manhajojin babban saƙon da ya maƙale yana tare ƙananan da aka rubuta bayansa.

Idan ya dawo da wayar, kafin ka taɓa komai ka buɗe akwatin imel ɗinsa ta burauza, ko a wayar ko a kwamfutar shago, shi da kansa ya shigar da kalmar sirrinsa, ka duba Messages envoyés daga can. Dalili shi ne wani lokaci sabar ta riga ta karɓi saƙon, amsarta ce ta ɓace a hanya, wayar kuma tana ta ƙoƙarin sake turawa. Idan ka gan shi a can da hotunansa, aiki ya ƙare, sai ka share wanda ya maƙale a wayar, in ba haka ba wanda aka aika wa zai samu takarda ɗaya sau biyu ko sau uku, kuma a harkar kaya da kuɗi wannan yana iya jawo gardama.

Idan ba ya can, sai ka sa wayar a Mode Avion. Mutane suna tsallake wannan, sannan su yi mamakin yadda saƙon ya ƙi buɗuwa ko ya ƙi goguwa. Ai muddin manhajar tana tsakiyar turawa, tana riƙe da shi. Da ka yanke hanyar za ta sake shi. Ka buɗe saƙon, ka kwafi rubutunsa da adireshin wanda za a aika wa ka ajiye a wani wuri, ka tabbatar hotunan suna nan a ma'ajiyar hotuna ba a share su ba, sannan ka mayar da shi Brouillons idan manhajar ta yarda, in ba ta yarda ba ka share shi. A kwamfuta ma haka ne, a Outlook ana fara zaɓar Travailler en mode hors connexion kafin a ja saƙon zuwa Brouillons.

Yanzu ka cire Mode Avion, ka rubuta ɗan gajeren saƙo na kalma biyu ba tare da liƙa komai ba, ka tura zuwa adireshin mai wayar kansa, ka ja jerin saƙonni ƙasa da yatsa don manhajar ta nemi sabar nan take. Wannan gwajin shi ne yake raba maka hanya biyu. Idan ɗan saƙon ya tafi ya dawo cikin minti ɗaya ko biyu, to saitin lafiya lau yake, nauyi ne ya fi ƙarfin hanya. Idan kuwa ya ƙi tafiya alhali shafuka suna buɗuwa a burauza, ka daina zargin rezo: ko an canza kalmar sirri ba a shigar da sabuwar a wayar ba, ko kwanan wata da agogon wayar sun kauce sosai har sabar da wayar sun kasa amincewa da juna, ko kuma ma'ajiyar ta cika, domin Google giga 15 take bayarwa kyauta tsakanin imel da hotuna da Drive, kuma idan ta cika turawa tana tsayawa. Ga akwatunan ofisoshi da ake saitawa da hannu, ka duba sashen SMTP, inda lambar ƙofa takan zama 587 ko 465. Idan ka tarar da 25, sau da yawa ita ce matsalar, saboda hanyoyi da dama suna toshe ta.

A wayar mutuminka ina kyautata zaton gwajin zai tafi, sai ka koma kan hotunan. Takardar kaya ba ta bukatar mega 4. Abin da ake so shi ne a iya karanta lambobi da sa hannu da hatimi. Ka rage girman kowanne zuwa wajen kilo 300, ko da manhajar rage hoto ko ta ɗaukar takardar da sikana ta cikin Drive, sannan ka buɗe ka faɗaɗa da yatsu biyu ka tabbatar adadin kuɗin yana karantuwa, domin rage hoto har lamba 3 ta yi kama da 8 ɓarna ce da ta fi maƙalewar saƙo. Hotuna 3 a haka kilo 900 ne, bayan juyi su zama kusan mega 1.2, kuma a kan waccan hanyar mai kilobit 64 minti biyu da rabi ya ishe su. Idan yana cikin ƙauye sosai, ya tura kowane hoto a saƙonsa daban, don in ɗaya ya faɗi kada ya ja sauran. Ya tsaya wuri ɗaya, a waje ba cikin shagon kwano ba, ya bar manhajar a buɗe gilashi yana kunne har saƙon ya bar akwatin fita.

Tunda a bakin iyaka yake harka, ka duba masa abu ɗaya kuma. Waya a can takan kama rezon Nijeriya da kanta, sandunan su cika, amma intanet ya tsaya saboda Itinérance des données a kashe take, kuma gara ta zauna a kashe don kada kiredinsa ya ƙone. Ka shiga zaɓin rezo, ka cire shi daga atomatik, ka zaɓa masa kamfanin layinsa da hannu, ka kuma nuna masa inda zai mayar da shi ranar da zai tsallaka Jibiya. In abin da zai tura bidiyo ne ko ya haura mega 25, wanda shi ne iyakar abin da Gmail yake bari a liƙa, kada ya wahalar da kansa da akwatin fita. Ya bari sai ya shigo Maradi ya ɗora shi a Drive a kan 4G ko wifi, ya aika da mahaɗin kawai a cikin imel.