Me zan rubuta wa kwastoman da kayansa suka makara?

Tambaya: Atamfa nake sayarwa a Wuse. Kayan wata Hajiya sun makale a hanyar Kano, ranar alkawari ta wuce. Me zan ce mata?

Amsa: 'Yar'uwa, ki riga ta magana, kada ki jira ta kira. Kamar haka: "Hajiya, ina wuni. Atamfarki turmi biyu ba ta iso ba, a yi hakuri. Ranar Alhamis za ta iso insha Allah, kudin dan aike a kaina. In ba za ki iya jira ba, yau zan mayar miki da kudinki."

Ki kara kwana daya kan abin da direba ya fada, domin saba alkawari karo na biyu shi ke korar kwastoma. Kada ki cika ta da labarin mota, kayanta take so. In ta kai kara FCCPC, wato hukumar tarayya mai kare hakkin masu sayen kaya, nemi lauya.