Magina uku, farashi uku: wa zan ba gyaran gidan hayata?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kasuwar Dole ta Damagaram, ina da gidan haya a Sabon Gari, ɗaki biyu da falo, ana biya na jaka 40 a wata. Ɗan hayar ya tashi ya bar mini rufi na yoyo, daɓe ya farfashe, fenti ya ɓare. Na kira magina uku: ɗaya ya ce jaka 650, ɗaya jaka 900, ɗaya miliyan 1 da jaka 200. Mai arahar yana so in ba shi rabi kafin ya fara. Wa zan ɗauka, kuma yaya zan biya? Ina so in sa sabon ɗan haya kafin a koma makaranta a watan Oktoba.

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya sa albarka a nema.

Kada ka ɗauki kowa tukuna. Ina kyautata zaton kowannensu ya zagaya gidan ne ya yanke kuɗi a kan abin da idonsa ya gani, don haka aiki uku daban aka yi maka wa kuɗi. Mai jaka 650 wataƙila toshe ramukan kwanon kawai zai yi ya shafa fenti sau ɗaya, mai miliyan kuwa ya sa sabon kwano da tayil a lissafinsa. In ka ɗauki mai araha a haka, sai aiki ya yi nisa ya ce maka ai bayan gida ba ya cikin magana.

Kai ne za ka rubuta aikin, ba su ba. Ka shiga gidan da takarda da abin awo, ɗaki bayan ɗaki. Kwano nawa za a canza, katakon da ke ƙarƙashinsa gara ta ci ko yana nan da ƙarfinsa, famfo nawa, makunnin wuta nawa, ƙofa da taga nawa ke son makulli. Sai ka ba su ukun takarda iri ɗaya, kowa ya rubuta kuɗinsa layi-layi, kuɗin kaya daban, ladan aiki daban.

A nan awo yake yi maka rana. A ce kowane ɗaki mita 4 ne a kan 4, falon kuma 4 a kan 5. Ɗakuna biyu murabba'in mita 32 ke nan, falo 20, jimla 52. Ana ƙara wajen kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa, ya zama 57 ko 58. Wanda ya rubuta maka tayil na mita 75, ka tambaye shi ina sauran za su. Wanda ya rubuta 45 kuma zai dawo neman ciko. Haka siminti: buhu nawa, na wane aiki. Fenti: wane iri, shafi nawa, domin shafi ɗaya a kan sabon yaɓe ba ya rufewa.

Akwai layuka biyu da aka fi mantawa da su a Damagaram, kuma su ne ke kawo rigima. Na farko ruwa. Ka san halin famfonmu, sai a kwana biyu bai zo ba, ga shi sabon yaɓen siminti yana son a yi ta yayyafa masa ruwa safe da yamma har kusan mako guda, in ba haka ba ya tsattsage. Wa zai biya 'yan garuwa? A rubuta. Na biyu kwashe ɓaraguzai da shara bayan an gama.

Kafin ka amince da tayil ma, ka yi wannan lissafin. In tayil da ladan sa shi za su ci jaka 350, kuma abin da za su ƙara maka a haya jaka 5 ne a wata, sai bayan wata 70 kuɗin zai dawo, kusan shekara shida. A ganina, in ba ma'aikaci ko malamin jami'a kake nufi da gidan ba, daɓen siminti mai kyau ya ishe ka. Rufi da bayan gida kuwa ba a yi musu rowa, su ne ke korar ɗan haya.

Maganar rabin kuɗi tun kafin a ɗaga cebur, ban yarda da ita ba. Magini da ya karɓi kuɗin da ya fi aikin da ya yi, gobe za ka ji yana wani aikin a Birni ko Garin Malam, kai kuma ka koma mai bi da roƙo. Kullum aikin ya riga kuɗin. Tunda kai ɗan kasuwa ne, ka sayi kayan da kanka, kashi-kashi, ka riƙe rasit. Kada ka jibge siminti da yawa a wannan damina, danshi na sa shi ya dunƙule.

Mu ɗauka kun daidaita da na tsakiya, kaya jaka 600, lada jaka 300. Ka ba shi jaka 45 kafin alƙalami don ya tara yaransa. Jaka 90 idan rufi ya kammala, an gyara bututun ruwa da wayar wuta, kuma ka gani da idonka: an yi ruwan sama ko an kwara ruwa a kan kwanon, ka tsaya a ciki ba ɗigo. Wata jaka 90 bayan yaɓe da daɓe. In tayil aka sa, ka bi shi kana ƙwanƙwasawa da makulli, wanda ya yi ƙara kamar ganga babu siminti a ƙarƙashinsa, zai fashe, a cire a sake. A bayan gida ka zuba bokitin ruwa ka ga ya gangara rariya ko ya kwanta a lungu. Jaka 45 bayan fenti da share gida. Sauran jaka 30 ka riƙe har wata guda bayan ya miƙa maka makulli, ya san da haka tun ranar farko.

Jerin nan yana da dalili. Rufi ne farko, sannan duk abin da ake fasa bango dominsa, fenti a ƙarshe. Kuma kada gaggawar Oktoba ta sa ka matsa a yi fenti a kan ɗanyen yaɓe. Yana son makonni ya bushe, musamman da damina, in ba haka ba kafin sanyi ya shigo fentin ya kumbura ya fara zuba. Aiki irin wannan ka ba shi mako shida, ka ƙirga baya daga ranar da kake son ɗan haya ya shiga.

Kowane mako gidan ya zauna a rufe, jaka 10 ce ta tafi. Don haka ku rubuta ranar farawa da ranar gamawa, da rangwamen mako ɗaya saboda ruwan sama, bayan nan a cire masa jaka 10 a kowane mako na jinkiri. Amma ka yi adalci: in kai ne ka makara da kawo kaya ko biya, kwanakin nan a wuyanka suke. Duk ƙarin aikin da ya ɓullo, kamar a ɗaga kwano a tarar katako ya ruɓe, a tsaya a yi kuɗinsa a rubuta kafin a taɓa shi. Ka ajiye wajen jaka 90 a gefe saboda irin wannan, tsohon gida ba ya rasawa.

Takardar shafi ɗaya ta isa, kwafi biyu, ku sa hannu gaban shaidu biyu, duk biyan da ka yi a rubuta a bayanta ya sa hannu. Kafin nan, ka ce kowannensu ya kai ka gidan da ya gyara bara, ka tambayi mai gidan a keɓe ko an gama a kan lokaci, kuma nawa aka ƙara a kan kuɗin farko.