Ƙararrawa kaɗan, rahoto kullum: saita na'urar bin sawun mota

Tambaya: Ina da manyan motoci uku masu jigilar kaya tsakanin Garwa, Marwa da Kuseri, wani lokaci har Njamena. Na sa musu na'urar GPS, amma saƙonni sun cika mini waya dare da rana, kuɗin gazuwal kuma bai ragu ba. Yaya zan saita ta?

Amsa: Alhaji, ka kashe yawancin saƙonnin nan, ka bar uku kawai: na yanke wa na'urar wuta, na tashin mota daga gareji da dare, da na gudun da ya wuce ƙima. Na ƙarshen ka saita shi yadda ba zai yi ƙara ba sai gudun ya ɗore kamar minti ɗaya, domin direban da ke wuce wata mota dole ya ɗan taka.

Kada ka ɗauki ɓacewar mota daga taswira a matsayin laifin direba. Na'urar da layin waya take aiko da bayani, kuma inda layin ya yi rauni yawancinsu suna ajiye tafiyar ne, su turo ta idan ya dawo. Wanda ya cire wayar wutar na'urar da gangan, saƙon yanke wuta ne zai tona shi. Haka nan motar da za ta haye gadar Ngeli zuwa Cadi, sai an buɗe wa layinta na MTN ko Orange damar aiki a ƙetare, in ba haka ba za ta yi shiru har ta dawo.

Kuɗinka kuwa a rahoton kullum yake. Ka tabbatar mai haɗawa ya jona wayar na'urar da ake kira ACC da makunnin mota, domin ita ce ke nuna sa'o'in da inji ya yi yana aiki mota tana tsaye. Mu ɗauka motarka tana shan lita 30 a kilomita 100. Garwa zuwa Marwa da dawowa kusan kilomita 420 ne, wato lita 126, amma direba ya kawo lissafin 160. Rahoto ya nuna kilomita 455, ka ga an yi ratsen kilomita 35, kusan lita 10 ke nan. Ya kuma nuna inji ya yi awa huɗu a kunne a tsaye, wanda in aka ƙiyasta lita uku a awa ya kama 12. Sauran lita 12 su ne abin tambaya, kuma a ganina ka tambaya cikin mutunci, taswirar tana gabanku, domin nauyin kaya da lalacewar hanya suna ƙara shan mai.

Na'urar ita kaɗai ba ta auna man da ke cikin tanki, sai an ƙara mata ma'auni na musamman. Kafin ka kashe wannan kuɗin, ka yi wata guda kana gwada rasit ɗin mai da kilomitar kowace mota, sannan ka sa ma'aunin a wadda giɓinta ya ƙi rufuwa.