Gasar muraja'a a ajin da ya haɗa manya da ƙanana

Kawu, an damƙa mini ajin Asabar da Lahadi a Islamiyyar unguwarmu a Birni. Yara 24 ne, daga ɗan shekara 6 har mai 15. Ina son in riƙa yi musu gasar tambayoyi ƙungiya-ƙungiya don muraja'a, amma wani dattijo ya ce wasa bai gaji makaranta ba, kuma bai kamata ƙaramin yaro ya kada yayansa a gaban jama'a ba. Yaya al'adar take, kuma ta yaya zan tsara abin?

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ya sa albarka a ajin.

Dattijon nan kar ka yi musu da shi, domin rabin maganarsa gaskiya ce. Amma jefa wa ɗalibai tambaya don a gwada su tsohon abu ne. Ya zo a Bukhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbai wace itaciya ce ganyenta ba ya zuba, wadda ta yi kama da Musulmi. Mutane suka bazama cikin itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ne, sai kunya ta hana shi magana saboda ƙuruciyarsa. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Sayyidina Umar ya nuna ya fi son a ce ya faɗa. Ka karanta wa dattijon wannan cikin ladabi, zai ga tambayar tana da asali, kuma kunyar yaro a gaban manya ma tana ciki. Aikinka shi ne ka shirya gasar yadda ƙaramin zai buɗe baki ba tare da babban ya tozarta ba.

Hanyar ita ce kar ka taɓa haɗa babba da ƙarami a kan tambaya ɗaya. Ka fara kasa yaran gida uku bisa inda karatunsu ya kai. Shekaru kaɗai za su yaudare ka, domin akwai ɗan shekara 13 da bana ya shigo, akwai kuma 'yar shekara 9 da ta wuce izu biyu. A ce ka samu 9 a matakin farko, 9 a tsakiya, 6 a sama. Sai ka yi ƙungiya uku, kowace mutum 8: uku daga ƙasa, uku daga tsakiya, biyu daga sama. Kai za ka raba su tun a gida, a rubuce. In ka bar manya su zaɓi 'yan ƙungiyarsu, yaron da aka bari a ƙarshe ya riga ya fāɗi kafin a fara. 'Yan mata da suka fara girma su zauna a gefensu kamar kullum, su amsa daga nan, makinsu ya shiga na ƙungiyarsu. Wa da ƙane kuwa ka sa su ƙungiya ɗaya, don kar gasar ta bi su har gida.

Tambayoyin ma kashi uku ne, kuma duk daga abin da aka karanta cikin mako huɗu da suka wuce. Ɗauki alwala misali. Ƙaramin ka ce ya tashi ya nuna iyakar inda ake wanke hannu. Na tsakiya ya kawo farillan alwala bakwai kamar yadda suke a Ahalari: niyya, wanke fuska, wanke hannuwa zuwa gwiwar hannu, shafar kai, wanke ƙafafu zuwa idon sawu, cuɗawa, da yin su a jere ba jinkiri. Babban kuma ka ba shi mas'ala: mutum ya idar da salla sai ya tuna bai shafi kunnuwa ba, me zai yi? Amsa ita ce sunna ya bari, sallarsa ta yi, sai ya shafa don sallolin gaba. Babi ɗaya ne, kowa ya ji amsar ɗan'uwansa, kuma ƙaramin ya tafi gida da abin da zai tarar nan da shekara uku.

Maki ya zama daidai: amsar ɗan shekara 6 biyu, ta mai 15 ma biyu. Da zarar ka ba tambayar manya maki biyar, ƙanana sun koma 'yan kallo, kuma su ma sun sani. In yaro ya kakare, ka ƙirga goma a zuci, sannan babban ƙungiyarsa ya buɗe masa kalmar farko kawai; in ya ƙarasa, maki ɗaya. In bai ƙarasa ba, tambayar ta wuce ga takwaransa na ƙungiya ta gaba, shi ma maki ɗaya. Kar ka ce wanda ya riga ɗaga hannu shi ne da amsa, domin yara huɗu masu baki za su cinye ajin. Ka kira suna bi da bi, ka yi alama a littafinka. Ƙwallon dabino ko tsakuwa a kwanuka uku sun fi allo wajen ƙirga maki, ƙaramin yaro yana ganin tulin yana ƙaruwa, kuma a ƙarshe a ƙirga a gaban kowa ba gardama.

Tambaya 24, kowa ɗaya, za ta ci kamar minti 25 in ba ka tsaya dogon sharhi ba. Ya isa. Ka sa ta a ƙarshen zaman Lahadi, sau ɗaya a mako biyu, kuma a watannin zafi ka gama kafin rana ta take.

Inda na fi son ka natsu shi ne wasan karɓar aya, wanda kusan musaffa ce ta makarantar allo aka yi mata ƙungiya: ka ja aya, ƙungiya ta farko ta karɓi ta gaba, ta biyu ta ɗora. Ƙanana ka tsare su a izun Sabbi, surori 28 daga A'ala zuwa Nasi. Abu biyu ke ɓata wannan wasa. Na farko ruwaya. A Damagaram za ka samu yaron da ya fito daga makarantar allo da Warshu a bakinsa, kusa da shi wanda ya tashi da Hafsu. Ɗaya zai ce "Maliki yaumid dini" ba ja, ɗayan ya ja ya ce "Maaliki", kuma dukansu daidai ne. In ka hana ɗan Warshu maki, ka koya wa aji cewa karatun iyayensu kure ne. Ka san ruwayar kowane yaro tun kafin ranar, ka ajiye Alƙur'ani na kowace ruwaya kusa da kai.

Na biyu ayoyi masu kama da juna. In ka ja "Illal lazina amanu wa amilus salihati" ka yi shiru, a izun Amma da na Sabbi kaɗai amsa uku ce ingantacciya: a Asri "wa tawasau bil haƙƙi", a Tini "falahum ajrun gairu mamnun", a Inshiƙaƙi "lahum ajrun" ba "fa". Ga ƙanana dole ka faɗi sunan surar tukuna. Ga manya kuwa wannan ita ce tambayar da ta fi daɗi: su kawo wuraren uku da bambancinsu. Kuma kar ka sa gudu a cikin karatu, don gaggawa tana cinye madda da gunna. Wanda ya yi kure ba a yi masa ihu, kai za ka gyara, ajin duka ya maimaita sau ɗaya. Kar a rubuta aya a guntayen takardu don a yi ƙuri'a, za su ƙare a ƙasa ƙarƙashin ƙafafu. Ka rubuta lamba kawai, ayoyin su zauna a littafinka.

Kyauta kuma daga aljihunka ko na makaranta za ta fito. In kowane yaro ya kawo dala biyar aka tara wa wanda ya ci, an shiga caca. Dabino ya wadatar, kowa ya samu, masu nasara a ƙara musu. Bulala ba ta shiga wannan zama ko kaɗan. Bayan gasa biyu ka sake kasa ƙungiyoyin, sannan ka duba alamomin littafinka: tambayar da ƙungiya biyu suka kasa amsawa, da ita za ka buɗe darasin Asabar mai zuwa.

Ka gaida mini mahaifiyarka.