Me ya sa Mama ba ta gajiya da fim ɗin Indiya?

Tambaya: "Mahaifiyata a nan Jidda ba ta jin Indiyanci ko kalma ɗaya, amma kullum tana gaban fim ɗinsu. Mene ne sirrin?"

Ɗan'uwa, ai Mama ba da kunne take bin labarin ba. Duba abin da ake nunawa: yarinya na da wanda take so, uba ya ba da ita ga mai kuɗi. Ba ta iya yi masa musu, sai ta sunkuyar da kai, ta ja gyale ta rufe fuska. Wace Bahaushiya ce ke neman tafinta a nan? Abin da kunya ta hana bakinta faɗa, waƙa ce ke fito da shi, kuma a tsofaffin finafinan da wuya ka ga sumba. Shi ya sa lokacin da babu silima a Saudiyya, kafin a sake buɗewa a 2018, kaset guda kan zaga gidaje, a kalla a falo har da suruka, ba mai tashi da sauri ya kashe bidiyo.

Sabawa da finafinan Indiya ma ta daɗe. Tun shekarun 1950 'yan Labanon suka fara kawo su silimun Kano, har masu bandiri suka ari karin waƙoƙin suna yabon Annabi (SAW) da shi.