Bambancin anoreksiya da bulimiya

"Ƙanwata ba ta da rama, amma tana haddasa wa kanta amai bayan ta ci abinci. Anoreksiya ce ko bulimiya? Wanne ya fi haɗari?"

Ya fi kama da bulimiya. Mai anoreksiya takan tauye wa kanta abinci har ta rame sosai, duk da haka tana ganin ta yi ƙiba. Mai bulimiya kuwa takan ci abinci mai yawa a zama guda, ta kasa tsayawa, sannan ta yi amai ko ta sha maganin da ke sa zawo. Jikinta yakan zauna daidai, shi ya sa 'yan gida ba sa lura.

Anoreksiya ta fi kisa: bugun zuciya yakan ragu, al'ada ta ɗauke, ƙashi ya yi rauni. Amma kada rashin ramar ya ruɗe ki. Yawan amai yana zubar da sinadarin fotasiyam, ƙarancinsa kuma kan birkita bugun zuciya har ta tsaya. A aikin jinya, haƙoran da suka zaizaye da kumburin gefen muƙamuƙi nake fara dubawa. Ki kai ta asibiti a auna jininta. In tana suma ko aman jini, yau ɗin nan.