Fosta biyu, wacce ido zai fara kamawa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na tsara fosta iri biyu, girman A3, ta walimar saukar Alƙur'ani a Islamiyyarmu. Ɗaya na bar mata fili, ɗaya na cika ta da hotunan manyan baƙi shida da sunayensu. 'Yan kwamiti sun ce mai filin asarar takarda ce. Jibi za a kai wa mai bugu, kuma ina tsoron kada kuɗin jama'a ya tafi a banza. Yaya zan gane wacce ta fi jan ido?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, kada ka tsaya gardama da kwamiti, gwada musu za ka yi su gani. Fitar da fostocin biyu a matsayin hoto, ka buɗe su a Photoshop, ka shiga `Filter > Blur > Gaussian Blur`, ka yi ta ƙarawa har rubutu ya daina karantuwa. Yanzu duba abin da ya rage. Idan dunƙule ɗaya mai nauyi ya fito, daidai wurin da kanun yake, tsarin ya tsayu. Idan dunƙule shida ko bakwai ka gani masu nauyi ɗaya, ido ba shi da masauki, wucewa zai yi.

Sai ka mayar da su baƙi da fari ta `Image > Mode > Grayscale`. A nan asirin launi ke tonuwa. Jan rubutu a kan kore, wanda masu fostar Islamiyya suke matuƙar so, yakan narke ya zama toka a kan toka, domin duhunsu kusan ɗaya ne. Bambancin haske da duhu shi ke kama ido daga nesa, launi na biye ne. Fari ko ruwan ɗorawa a kan kore mai duhu zai tsira. Ruwan ɗorawa a kan fari kuwa ɓata tawada ne.

Wajen girman rubutu, hawa uku sun ishe ka. WALIMAR SAUKA ta ɗauki maki 120, wato tsayin harafi kusan santimita 3, wanda ake karantawa cikin sauƙi daga mita uku zuwa huɗu. Rana, lokaci da wuri su ɗauki 60. Sunayen baƙi 24, a jere a ƙasa. Kowane hawa ya kai aƙalla ninki biyu na wanda ke ƙarƙashinsa. Idan ka sa 60 kusa da 54, mai kallo zai ɗauka kuskure ne.

To, sai maganar "asarar takarda". Wannan ita ce cutar da muke fama da ita kullum, kuma masu zanen bakin titi da suka koyi CorelDRAW a mako biyu su suka shuka ta. Da sun ga fili sai su cusa fure, su ƙara tauraro, su ja harafi har ya karkace, su zuba masa inuwa da ƙyalli, wai don mai aiki ya ga kuɗinsa ya yi aiki. Daga nan kowa ya ɗauka cika ita ce ƙwarewa. Harafi ba ya fitowa don girmansa kaɗai, yana fitowa ne don abin da ke kewaye da shi ya ba shi wuri. Kanu mai maki 120 da aka matse tsakanin hotuna biyu ya fi wuyar gani a kan mai maki 100 da ke zaune shi kaɗai. Ka tuna kuma inda za a manna ta: bangon masallaci ko katangar makaranta, tsakiyar fostocin 'yan siyasa da na masu maganin gargajiya, duk a cunkushe. A irin wannan bango filin nan shi zai raba taka da maƙwabtanta. Uban taro, uwar taro, shugaban taro, babban baƙo mai jawabi, mai masaukin baƙi, kowa da darajarsa, amma idan aka ba su girma ɗaya da ranar walima, mai wucewa a kan babur zai ga fuskoki ya tafi bai san yaushe ba. An karrama baƙi, an rasa mahalarta, kuma kuɗin iyayen yara ne aka kashe. Cikakken jerin sunaye da muƙamai wurinsa katin gayyata, wanda ake riƙewa a hannu a karanta a natse.

Saboda haka ka bar santimita 2 a kowane gefe ba rubutu, ka bar fili sama da ƙasan kanu kamar tsayin harafinsa, rana da wuri kuma su zauna tare domin a gane abu ɗaya ne. In hoto ya zama dole, ɗaya ya isa.

Gobe ka buga kowacce kwafi ɗaya, ka manna su a bango. Nemo mutum biyar da ba su san da walimar ba, ka tsayar da su ɗaya bayan ɗaya a nisan mita huɗu, daƙiƙa uku, su juya baya. Tambaye su: me za a yi, yaushe, a ina? Kada ka tambayi wacce ta fi kyau. Wadda aka fi amsa tambayoyin uku daga gare ta ita za ka kai wa mai bugu, kuma a yi gwajin a gaban 'yan kwamiti.